Hujjar Karanta Waƙa Sannu a Hankali: Jawabin Buɗe Taron Ƙungiyar Waƙa ta Makaranta

Ya ku ɗalibai, akwai wani malami, abokin aikinmu, wanda ya daɗe yana cewa waƙa ta kunne ce, wai wanda ya zauna yana yanka ta gaɓa-gaɓa ya raba ta da ruhinta, domin kakanninmu a bakin almajirai da makafi suka ji ta, kuma suka fahimta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a ganina ta manta da halin da ku kuke ciki.

Cewa rubutacciyar waƙar Hausa ta ari ma'aunanta daga arulin Larabci ba sabon zance ba ne, Galadanci ya yi bayaninsa tun 1975. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne, wanda ya ji waƙa daga bakin mai rerawa ya karɓe ta da tsawon wasulanta cikakku, haka wanda ya karanta ta da ajami, inda alif da wawu da ya'u suke nuna maddi, alhali ku da kuke samunta a rubutun boko, wanda ba ya bambanta dogon wasali da gajere, sai kun maido da abin da alƙalami ya zubar kafin ma'ana ta tabbata.

Ku ɗauki baitin da aka gina bisa karin Mutaƙarab, wanda ƙafarsa fa'ulun ce, wato gaɓa marar nauyi ɗaya sannan masu nauyi biyu. Idan ɗango ya fara da kalmar da aka rubuta "baƙi", mai gaggawa zai iya ɗaukarta jam'in baƙo, ya wuce abinsa. Amma wanda ya rera ɗangon a hankali, ya raba gaɓoɓinsa, zai tarar muhallin farko na gaɓa marar nauyi ne, saboda haka launi ake nufi ko harafi, domin wasalin farko na jam'in baƙo dogo ne, ba zai zauna a nan ba sai karin ya karye. Da zarar harshe ya yi tuntuɓe wajen rerawa, to galibi karatun ne ya kauce, ba sha'irin ba.

Abokin aikin namu zai ce mini, ai mahallin zance ya isa ya warware wannan. Sau da yawa haka ne, kuma ba na da'awar cewa aruli yana warware kowace shubuha: "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya nauyinsu ɗaya, karin sauti kaɗai ya raba su, sannan sha'irai suna da rukhsar zihafi. Sai dai shi mahallin ma ba ya bayyana ga wanda bai koma baitin da ya gabata ya auna ba, wanda kuwa shi ne jinkirin da ake zarginmu da shi. Saboda haka yau baiti biyar kawai za mu karanta, kowa ya fito da fensirinsa.