Daga Ƙasa Zuwa Sama: Yadda Ɗalibi Ya Gyara wa Malaminsa Lissafi a 1951

A shekarar 1951, Farfesa Robert Fano na jami'ar MIT da ke Amurka ya ba ɗalibansa zaɓi: ko su zauna jarrabawar ƙarshen zango, ko su rubuta takarda a kan wata matsala guda. Matsalar ita ce a samo hanyar raba wa alamomin saƙo lambobi na sifili da ɗaya ta yadda saƙon zai yi gajartar da ba a iya wucewa. David Huffman, ɗalibi mai neman digirin dakta, ya zaɓi takardar. Bai san cewa malamin nasa, da Claude Shannon kansa, sun yi fama da wannan matsala ba tare da sun kai ƙarshenta ba. Ya shafe watanni babu nasara, kuma kamar yadda ya ba da labari daga baya, yana shirin jefa takardunsa a kwandon shara ne mafitar ta zo masa. An buga aikin a 1952.

Tushen maganar yana 1948, shekarar da Shannon ya nuna cewa kowane saƙo yana da wani ma'auni da ake kira entirofi: matsakaicin adadin bit, wato sifili ko ɗaya, da kowace alama ke buƙata aƙalla. Shannon ya kafa iyakar, amma hanyar da shi da Fano suka bayar ba kullum take fitar da mafi gajartar lambobi ba. Fano yakan faro ne daga sama: ya jera alamomi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, ya raba jerin gida biyu masu kusan nauyi ɗaya, sannan ya sake raba kowane gida. Huffman ya juya abin, ya faro daga ƙasa.

Bari mu gwada da hoto marar launi mai ɗigo 10,000, wanda kowane ɗigonsa ke da ɗaya daga matakan haske biyar. Mun ƙirga, mun samu fari yana da kaso 0.40, toka mai haske 0.18, toka tsaka-tsaki 0.15, toka mai duhu 0.14, baƙi kuma 0.13. Idan za a ba kowane mataki lamba mai tsawo ɗaya, sai an kashe bit uku, domin bit biyu matakai huɗu kawai suke iya bambancewa. Hoton zai ci bit 30,000.

Ƙa'idar Huffman guda ce: ɗauki biyu mafi ƙanƙanta, ka haɗe su, ka mayar da jimillar cikin jeri, ka maimaita. Baƙi da toka mai duhu ne a ƙasa, sun haɗu sun zama 0.27. Yanzu jerin ya koma 0.40, 0.27, 0.18 da 0.15, saboda haka sauran tokar biyu ne za su haɗu, su ba da 0.33. A nan mai koyo ya fi yin tuntuɓe, domin hannu yana son ci gaba da ɗorawa a kan ƙullin da ya fara, alhali dole ne a sake duba jerin bayan kowace haɗawa. Saura uku: 0.40, 0.33 da 0.27. Na biyun ƙarshe su haɗu su zama 0.60, sannan wannan ya haɗu da fari a cika 1.

Sai a bi sawu a koma baya, a kowace mararraba a ba reshe guda sifili, ɗayan kuma ɗaya:

```
fari              0.40   0
toka mai haske    0.18   100
toka tsaka-tsaki  0.15   101
toka mai duhu     0.14   110
baƙi              0.13   111
```

Babu lambar da ta zama farkon wata, shi ya sa ba a buƙatar alamar tsayawa tsakaninsu. Wanda ya karɓi `01110100` zai karanta fari, baƙi, fari, toka mai haske, kuma babu wani karatun da ya wuce wannan. Tsarin Morse na zamanin tangaraho ya riga ya gane hikimar ba harafin E ɗigo guda, amma ya dogara da ɗan shirun da ke tsakanin haruffa.

Matsakaicin tsawo shi ne a ninka kowane kaso da tsawon lambarsa a tara: 0.40 sau ɗaya, da 0.60 sau uku, jimilla 2.20. Akwai hanyar tantancewa mai sauƙi da nake so: tara jimillolin da aka samu a wurin haɗawa, wato 0.27, 0.33, 0.60 da 1. Su ma 2.20 suke bayarwa. In lissafin biyu ya saɓa, an yi kuskure a wani reshe.

Da hanyar Fano aka bi, rabon farko zai haɗa fari da toka mai haske a gefe guda, 0.58, sauran kuma 0.42, domin shi ne rabon da ya fi kusa da daidai. Matakai uku za su samu bit biyu, biyu su samu uku, matsakaicin ya zama 2.27. Rabon da ya yi kyau a sama ya hana fari gajeriyar lambar da ta cancance shi. Huffman kuwa ya kafa hujjarsa a kan cewa a cikin tsari mafi gajarta, ana iya sanya alamomi biyu mafi ƙaranci a can ƙarshen bishiya, su bambanta a bit na ƙarshe kawai. Daga nan matsalar ta ragu da alama guda, sai a maimaita.

To, ina iyakar Shannon?

```
H = −Σ p · log2(p)
```

Fari yana ba da kusan 0.529, sauran huɗun kuma 0.445, 0.411, 0.397 da 0.383, jimilla kusan 2.16. Ke nan hoton namu zai ci bit 22,700 a hannun Fano, 22,000 a hannun Huffman, iyakar kuma tana wajen 21,640. Ɗan giɓin da ya rage ba laifin lissafi ba ne. Entirofi na so a ba fari bit 1.32, amma babu lamba mai tsawon bit ɗaya da sulusi. Giɓin yana rufewa ne kawai idan kowane kaso rabi ne, ko rubu'i, ko sumuni, haka har ƙasa. Abin da aka tabbatar shi ne matsakaicin Huffman ba ya sauka ƙasa da entirofi, kuma ba ya kai entirofi da ƙarin bit guda. Duk wanda ya samu matsakaici ƙasa da H ya koma ya duba aikinsa.

Wannan ƙarin bit guda ba ƙaramin abu ba ne idan mataki ɗaya ya mamaye hoto. A ɗauki takardar ofis da kaso 0.95 nata fari ne, 0.05 baƙi. Entirofinta kusan 0.29 ne, amma Huffman ba shi da abin bayarwa sai sifili da ɗaya, bit guda ga kowane ɗigo, ninki uku da rabi na iyakar. Shi ya sa ƙa'idar na'urar fas ta 1980 ba ta ba ɗigo lamba ba: tsawon jerin farare ko baƙaƙen da suka biyo juna take ƙirgawa, sannan ta ba waɗannan tsawon lambobin Huffman.

Wannan dabara ta tona wani abu kuma. H ɗin da muka lissafa ya ɗauka cewa kowane ɗigo bai san maƙwabcinsa ba, alhali a hoto na gaske fari yakan bi fari. Iyaka ce ga mai ba ɗigo lamba ɗaya bayan ɗaya, ba ga hoton kansa ba. Tsarin JPEG na 1992 yakan fara sarrafa hoton a murabba'ai masu ɗigo takwas sau takwas, sai a matakin ƙarshe ya miƙa abin da ya rage ga lambobin Huffman. Shi kuwa Huffman, wanda ya koma jami'ar California da ke Santa Cruz a 1967 ya rasu a 1999, bai taɓa yi wa hanyar rajistar mallaka ba.