Daga Gandu Zuwa Gidan Mai Gida: Yadda Zangon Kumasi Ya Ƙulla Sabon Zumunci

Mafi yawanmu mutanen Zangon Kumasi, idan muka ƙirga baya zuwa kaka na biyu ko na uku, za mu tarar da wani manomi wanda ya bar ƙauyensu yana saurayi, ya iso garin nan ba shi da uwa ba shi da uba. Shi da irinsa suka kafa wani tsarin zama wanda har yau muke cikinsa, wato tsarin mai gida da yaransa. Abin da muke so mu duba shi ne yadda tsarin nan ya tsaya a madadin dangi, da kuma wurin da ƙarfinsa yake ƙarewa.

Kafin zuwan Turawa, fataken arewa da ke neman goro sukan tsaya ne a kasuwannin bakin daji irin su Salaga a ƙasar Gwanja, domin sarakunan Asante ba su cika barin baƙi su ratsa har Kumasi ba. Abubuwa uku suka buɗe ƙofar. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, malamai da 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwan kudu. Sannan a 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na Farko, bayan yaƙin 1900 kuma suka zauna daram, baƙi suka samu filin kafa zango. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, noman koko ya bunƙasa, sai aiki ya yi ta kiran hannaye.

Waɗanda suka amsa kiran nan daga baya, yawancinsu ba fatake ba ne. Samarin karkara ne, Mosawa da Zabarmawa da Hausawa da Gurunshi da Dagwamba da Kotokoli da sauransu. Na ƙasashen Faransa suna gudun haraji da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Wasu kuwa cin rani suka zo da niyyar komawa kafin damina, sai damina ta wuce, wata ta biyo ta, har furfura ta riske su a nan.

Mu tuna abin da saurayin nan ya baro. A ƙauyen Hausa yana cikin gandu, yana noma tare da ubansa da 'yan'uwansa, ana ci daga rumbu ɗaya. Uba ke biya masa haraji, shi ke yi masa auren fari, shi ke yanka masa gayauna. Aiki da abinci da aure da suna, duk daga gida ɗaya suke fitowa. Da ya taka Kumasi, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya biyo shi, kuma ba wanda zai ba baƙon da bai sani ba ɗaki ko amanar kaya.

A nan mai gida ya shigo. Baƙo yakan sauka ya tambayi inda mutanen ƙasarsu suke, a kai shi wurin sarkin ƙabilarsu ko wani dattijo da ya riga shi zuwa. Dattijon zai ba shi tabarma a zaure ko a ɗakin samari, ya ci tuwon gidan, ba a tambaye shi kuɗin haya ba. Bayan kwana kaɗan a nema masa abin yi, ko dako a kasuwa, ko gadi, ko jan shanu zuwa mahauta, ko a haɗa shi da mai gonar koko. Abin da ya samu yakan kawo wa mai gida ajiya. Shi kuma yana biya da hidima, yana zuwa aike, yana taya gini, yana cika zaure idan ana taro, domin girman mai gida a yawan yaransa ake ganinsa.

A fataucin shanu da goro aka fi ganin amfanin wannan tsari. Mai shanu ya koro garkensa daga arewa, bai san mahautan Kumasi ba, su kuwa mahauta ba su cika biya nan take ba, sai sun yanka sun sayar. Mai gida shi ke saukar da baƙon, dillalinsa ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ke bin bashin, idan ya gagara ya cika daga aljihunsa, don in ya bari baƙonsa ya tafi da hasara, labari zai riga shi isa arewa, baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Jarin mai gida na gaskiya sunansa ne, kuma yaro mai amana a wannan makaranta yake tashi daga mai kora zuwa dillali, wata rana shi ma ya buɗe zaurensa.

Daga aiki sai abin ya gangaro zuwa zumunci. Idan yaro ya isa aure, mai gida ke aika masu neman aure, shi ke zama a mazaunin uba ranar ɗaurin aure, matarsa ta zama uwar ango. Idan an haihu, a ƙofarsa ake raɗa suna, sau da yawa ma a mai da sunansa. 'Ya'yan gidan da 'ya'yan yaran gidan su taso suna kiran juna yaya da ƙane, har wani lokaci a ji nauyin haɗa su aure, alhali shari'a ba ta hana ba in babu shayarwa tsakani. Da yake maza sun fi mata yawa a farkon zamani, an yi ta auratayya tsakanin ƙabilu, ga kuma makarantar allo ɗaya da masallaci ɗaya. Ta haka Hausa ta zama harshen tsakar gida ko ga wanda kakansa Bamoshe ne ko Bazabarme, aka samu zuriyar da ake kira 'yan ƙasa, waɗanda ƙauyen kakansu suna ne kawai da suke ji a bakin tsofaffi.

To, amma wannan zumunci yana da iyaka, kuma ranar rabon gado ake ganinta. A shari'a, gado yana zuwa ta nasaba ko ta aure, zaman tare komai daɗewarsa ba ya jawo shi. Dukiyar mai gida kuwa galibi gidan ne kansa, shi ya sa a Zango da ɗakuna ake lissafi. Mu ɗauki misali. A ce dattijo ya rasu ya bar gida mai ɗaki takwas masu daraja ɗaya, ba bashi ba wasiyya, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar tana da sumuni, wato ɗaki ɗaya. Saura bakwai, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya, lissafi ya cika. Yaron gidan da ya shekara talatin a ɗakin zaure, wanda wataƙila da hannunsa aka ɗora tubalin ginin, ba shi da ko taga. Daga ranar nan ya zama ɗan haya ko mai zaman alfarma, gwargwadon halin wanda ɗakin ya faɗa wa.

Yanzu mu sauya misalin kaɗan. A ce mamacin bai bar ɗa namiji ba, sai mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, kuma yana da ƙane shaƙiƙi a ƙauye wanda rabonsu da ganin juna shekara arba'in. Ana raba dukiyar kashi 24. Matar ta ɗauki 3, 'ya'yan biyu su ɗauki sulusi biyu, wato 16, ragowar 5 na ƙanen ne a matsayinsa na asaba. A gida mai ɗaki takwas, wannan ya kai ɗaki ɗaya da sulusi biyu na ɗaki. Ga shi ƙauyen da aka ɗauka an rabu da shi ya dawo tsakar gida da haƙƙinsa, wanda aka zauna da shi kullum kuwa ya tashi hannu wofi. Sai dai a yi wa rabon ƙanen kuɗi a biya shi, in ba haka ba rigima ta kai ga sayar da gidan. A kan wannan kuma ga dokar ƙasa ta gadon wanda bai bar wasiyya ba, wadda gwamnatin Rawlings ta kafa a 1985, mai lamba 111. Ita ta ce idan gida ɗaya ne mamaci ya bari, na matarsa da 'ya'yansa ne su mallaka tare. Saboda haka rabon da malam ya yi a zaure yana tsayawa ne muddin magada sun yarda, idan ɗaya ya garzaya kotu, ma'aunin ya sauya.

Jarrabawa mafi tsanani da tsarin ya gani ita ce ta watan Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. A ranar nan ba a tambayi wane ne mai gidanka ba, takarda aka tambaya. Mutane masu ɗimbin yawa suka tafi, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Wasu suka sayar da gidaje da araha, wasu suka bar su amana a hannun yaran gida ko maƙwabta, da baki kawai. Waɗanda suka ci gaba da aike da ziyara sun tarar da masu tarbarsu a ƙauye. Waɗanda suka yanke ƙafa kuwa sun gane gaskiyar masu iya magana da suka ce zumunta a ƙafa take.

Yau ɗakin samari na kyauta ya yi ƙaranci, ɗaki ya zama haja, ana neman kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wani ɓangare na aikin mai gida ya koma hannun ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da adashi, da ƙungiyoyin mata masu haɗa gudummawar biki da rasuwa. 'Yan matan da ke saukowa daga arewacin Ghana suna dako a kasuwar Kejetia suna bin tsohuwar hanyar kakanninmu, amma da yawansu ba su da zauren da zai tsaya musu.

Alamar gidan da ke shirin rikicewa a bayyane take: dattijo ya tsufa, takardar fili tana da sunan wanda ya daɗe da rasuwa, akwai mazaunin da ba magaji ba kuma ba ɗan haya ba, kuma ba wanda ya san sunayen dangin ƙauye. Shari'a ta bar ƙofa biyu a buɗe. Mutum yana iya yin kyautar ɗaki ga yaronsa tun yana da lafiya, ya damƙa masa a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba, tun da shi ba magaji ba ne. Kowace aka zaɓa, a rubuta ta yadda kotu ma za ta karɓa. A kuma zauna da tsofaffin da suka rage, a rubuta sunan ƙauye da na 'yan'uwan kaka tun ana iya tambaya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.