Burtsatsen Kangire da Lissafin Gobe

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan maƙale ne a tsagar dutse, shi ya sa ake iya haƙa a tashi fayau. Tun yankin yana cikin Jihar Kano, a farkon shekarun 1980, hukumar KNARDA ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara da rancen Bankin Duniya. Hukumar DFRRI ta biyo baya a 1986, sannan aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Daga famfon tuƙa-tuƙa har zuwa mai sola, abin da masu lissafi ke tambaya bai sauya ba: amfanin rijiyar zai biya kuɗinta?

Kuɗin haƙa yau ake kashe shi, amfanin kuwa sannu a hankali yake zuwa. Don haka ake rage darajar amfanin kowace shekara mai zuwa da wani kaso. Bankin Duniya ya daɗe yana rage kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, bisa hujjar cewa jari ya yi ƙaranci a ƙasashe matalauta. Daga baya ra'ayi ya juya. Birtaniya ta sauko daga kashi 6 zuwa 3.5 a 2003, a 2016 kuma Bankin ya ba da shawarar a ɗaure kason da bunƙasar samun jama'a, abin da kan kai shi wajen kashi 6.

Mu ƙaddara an kashe naira miliyan 15 a burtsatse mai sola a garin Kangire da ke yankin nan. Amfaninta shi ne kuɗin 'yan ga-ruwa da na magani da suka tsira, da lokacin da mata da yara suka huta da ɗauko ruwa. A ce ya kai miliyan 2 a shekara bayan an cire kuɗin gyara, har shekara 20, ba tare da sa hauhawar farashi ba. Da kashi 12, darajarsa a yau miliyan 14.9 ce, wato aikin ya faɗi da ƙiris. Da kashi 6 kuwa ta kai miliyan 22.9, ya ci da rata.

Ina goyon bayan ƙaramin kaso, domin yaron da za a haifa baɗi yana da haƙƙi a ruwan nan. Amma da sharaɗi. Idan famfo ya ƙone a shekara ta biyar aka rasa mai gyara, amfanin bai wuce miliyan 8.4 ba da kashi 6, kuma ko ba a rage komai ba miliyan 10 ne, bai biya ba. Saboda haka duk wanda ya sa kashi 6 a takarda, wajibi ne ya nuna gwajin ƙarfin ruwan rijiyar a ƙarshen rani, da asusun gyara, da wanda zai riƙe shi.