Yadda ake auna tsawon yaro a asibiti

Yaron da bai cika shekara 2 ba, a kwance ake auna shi kan allon awo. Mutum biyu ake bukata: ɗaya ya riƙe kansa jikin katakon sama, ɗaya ya miƙar da gwiwoyinsa ya matso da katakon ƙasa har tafin ƙafa. Daga shekara 2, yaro yana tsayawa babu takalmi, dugadugansa da ƙeyarsa suna taɓa allon.

Awon kwance ya fi na tsaye da santimita 0,7. Idan yaro mai shekara 3 ya kasa tsayawa, aka samu 90,0 a kwance, sai a rubuta 89,3. Lanƙwasasshiyar gwiwa tana rage tsawo, tulin kitso yana ƙara shi. Idan karne ya nuna tsawon yaro ya ragu, kuskure ne, a sake awon.