Yadda ake lissafa hayaƙin da ke cikin kowane yunit na wutar lantarki

Ƙwan lantarki ba ya hayaƙi, amma wutar da ke kunna shi a Limawa ta bar hayaƙinta a inda aka samar da ita. Wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Jigawa, Kano da Katsina daga babban layin ƙasa take zuwa. Kusan kashi uku cikin huɗu nata ana samunsa ne ta ƙona gas a tashoshi irin su Egbin a Legas da Geregu a Kogi, mafi yawan sauran kuma daga madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Ƙona gas na sakin iskar kabon, wato CO2, wadda ke ɗumama duniya.

Mene ne ma'aunin hayaƙin layi?

Da zarar wuta ta hau layi, ba a bambance ta gas da ta ruwa. Don haka ake tattara dukan iskar kabon da tashoshin suka fitar a shekara, a raba ta da dukan wutar da suka samar. Abin da ya fito shi ne ma'aunin: nauyin iskar da ke kan kowane kilowat-awa, wanda mita ke rubutawa kWh, jama'a kuma ke kira yunit. A Najeriya ƙiyasin da ake wallafawa yakan faɗa tsakanin kilo 0.4 zuwa 0.5, gwargwadon shekara da hanyar lissafi.

Ƙa'idar ita ce: kilo na CO2 = kWh × ma'auni.

Misali daga shagon tela

A ɗauka wani tela a Limawa yana da mita mai kati. Farkon wata tana nuna yunit 120, ya sayi 150, ƙarshen wata saura 70. Abin da ya sha shi ne 120 a tara da 150 a cire 70, wato yunit 200. Wannan adadi ake amfani da shi, ba wanda ya saya ba. Idan aka ɗauki ma'aunin 0.45, hayaƙinsa na wata kilo 90 ne, na shekara kuma kilo 1,080, tan ɗaya da ɗoriya ke nan.

Wanda ba shi da mita, ana kawo masa takardar ƙiyasi, sai ya yi hattara, domin adadin da ke jikinta ba awo ba ne. Gara ya ninka ƙarfin kowace na'ura da awannin aikinta: fanka mai wat 75 da ta yi awa 8 ta sha wat-awa 600, wato yunit 0.6.

Akwai kuma wutar da ke zurarewa a wayoyi da taransifoma kafin ta iso Dutse. Idan ma'aunin na bakin tasha ne, aka kuma ƙaddara asarar kashi 15 cikin 100, sai a raba 200 da 0.85, a sami yunit 235, hayaƙin ya tashi zuwa kusan kilo 106. Kada a yi wannan gyara da alƙaluman asarar da kamfanonin rarraba wuta ke bayarwa a dunƙule, domin sun haɗa da satar wuta da kuɗin da ba a biya ba, alhali wannan wutar an sha ta.

Inda lissafin ke ruɗarwa

Ma'aunin layi bai shafi janareta ba. Shi da lita ake lissafa shi: litar fetur na fitar da kusan kilo 2.3, ta dizal kusan 2.7. Idan telan ya ƙona lita 30 na fetur a ranakun ɗauke wuta, ya saki kilo 69. A ce wutar da ya samu yunit 45 ce, to kowane yunit ya fi kilo 1.5, ninki uku na layi da ɗoriya. Wanda ya ninka wannan 45 da 0.45 zai sami kilo 20 kacal, ya ɓoye mafi yawan hayaƙin. Jimillar telan ta gaskiya, ko ba a sa asarar waya ba, kilo 159 ce.

Saboda haka ƙarancin yunit a mita ba shaidar tsabta ba ce, sau da yawa shaidar rashin wuta ce.

Tambayoyi ga mai iƙirari

A 2021 Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawari a taron Glasgow cewa zuwa 2060 ba za ta saki hayaƙin da ya wuce wanda take kawarwa ba. Duk jami'in da ya ce aikin sola ya rage tan kaza, a tambaye shi abu uku: yunit nawa mita ta auna, ma'aunin wace shekara ya ɗauka, kuma wutar layi solar ta maye ko ta janareta. Sola a asibitin da ke dogaro da dizal tana rage hayaƙi fiye da wadda ta maye wutar layi. Fitilar titi kuwa da aka kafa inda da duhu ne, haske ta kawo, ba ta rage hayaƙin kowa ba.