Tarihin Lissafin Maki a Wasan Spades: Yadda Cin da Ya Wuce Alkawari Ya Zama Laifi

Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san wasan Whot, wanda ake bugawa daga Sabon Garin Kano har zuwa lambunan shaƙatawa na Wuse da Garki a nan Abuja. Dokarsa a fili take: wanda ya riga zubar da katunansa shi ya ci. Shi ya sa idan mutuminmu ya buɗe wasan Spades a waya karon farko, yakan sha mamaki. Ya kwashe zagaye tara, yana murna, sai ya ga an zabge masa maki 100. Wasu kan ce manhajar ce ta lalace, alhali doka ce mai dogon tarihi.

Spades wasa ne na mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya samu 13. Kowane zagaye kowa zai jefa kati ɗaya, mai mafi girma ya kwashe huɗun, kuma kati mai baƙar alamar shebur yana doke duk sauran. Ke nan a kowane rabo akwai zagaye 13 da ake takara a kansu.

Kakan wannan wasa shi ne Whist na Ingila, wanda Edmond Hoyle ya rubuta wa littafin dokoki a 1742. A Whist ba wanda ke yin alkawari. Zagaye shida na farko ba a lissafa su, duk abin da ɓangare ya ci sama da shida shi ne makinsa. Don haka wanda sa'a ta ba manyan katuna shi ke gaba, kuma ba abin da yawan ci zai jawo masa sai riba.

A farkon ƙarni na 20 aka fara buga wani nau'in Bridge da ake yin tayi kafin wasa, kamar gwanjo. Sai dai akwai ɓaraka: ko mutum ya yi tayi kaɗan, duk abin da ya ci ana sa masa cikin makin da ke kai shi ga nasara. Mai wayo sai ya riƙa faɗin ƙasa da ƙarfinsa don kada ya faɗi. A 1925 wani attajirin Amurka, Harold Vanderbilt, ya tsara lissafin da ya toshe wannan kafa: abin da ka yi alkawari kaɗai ke kai ka ga cin wasa, rarar kuwa a gefe ake rubuta ta.

Spades ya ɓullo a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, kuma an fi danganta asalinsa da birnin Cincinnati na jihar Ohio. Sojojin Amurka suka yaɗa shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙin ya shiga jami'o'i da gidaje, ya samu gindin zama musamman a wurin baƙaƙen fatar Amurka. Daga baya kamfanin Microsoft ya sa shi cikin Windows XP, mutane a ƙasashe da dama suka san shi ta kwamfuta. Abin da ya gada daga Bridge shi ne alkawari, amma ya sauƙaƙa lissafin yadda za a iya yin sa a bayan kwalin ashana.

Ga yadda yake. Kafin a jefa kati, kowa zai faɗi zagaye nawa zai ci, a haɗa na abokai biyu. Idan kai ka ce huɗu, abokinka ya ce uku, alkawarinku bakwai ne. Kun cika, kuna da maki 70, wato goma kan kowane zagaye. Kun ci tara, kuna da 72, domin kowace rara maki ɗaya tak take kawowa. Idan kuwa kuka tsaya a shida, ba a ba ku komai na shidan ba, sai ma a cire muku 70. Galibi ɓangaren da ya fara kai 500 shi ne ya yi nasara.

Amma tsohuwar ɓarakar nan ta sake dawowa. Tunda faɗuwa na da tsada haka, mai tsoro zai riƙa cewa biyar alhali yana da ƙarfin bakwai, ya tsira kullum, har da ɗan ƙari. Maganin da 'yan wasa suka samo shi ne tarar rara, wadda Amurkawa ke kira buhun yashi. Ana tara rarar daga rabo zuwa rabo, ranar da ta cika goma a cire maki 100. Idan aka yi lissafi, kowace rara ta ba ka ɗaya ta kuma ci maka goma, wato asarar tara ce a ɓoye.

Mu ɗauki misali. Ɓangarenku na da 348. Lambar ƙarshe, takwas, ita ke nuna buhunan da kuka tara. Kun yi alkawarin shida. Da kun ci shida daidai, da kun koma 408. Sai abokan hamayya suka lura, suka riƙa jefa ƙananan katuna da gangan, kuka ci takwas. An ba ku 62, kun kai 410, buhu ya cika goma, aka cire 100, kuka dawo 310. Zagaye biyun da kuka yi murnar kwashewa sun ci muku maki 98. Hanyar gane haɗarin tun da wuri ita ce a haɗa alkawarin mutum huɗun. Idan jimillar ta tsaya a 10, to akwai zagaye uku marasa mai su, kuma dole su faɗa hannun wani. Idan ta kai 12 ko 13, rara ba ta da yawa, abin tsoro a lokacin shi ne faɗuwa.

Saura mai mugun hannu, wanda a Whist ba shi da abin yi sai kallo. Spades ya ba shi makami, wato abin da ake gani a allo da sunan `nil`: alkawarin cewa ba zai ci ko zagaye ɗaya ba. Ya cika, ɓangarensa ya samu 100. Ya ci ko da ɗaya ne, a cire 100. Alkawarin abokinsa kuwa daban ake lissafa shi. Idan abokin ya ce huɗu ya ci biyar, mai babu kuma ya tsira, suna da 141. Idan mai babu ya ci ɗaya, abokin ya cika huɗunsa, 40 ne aka cire wa 100, sun koma ƙasa da sifili. Wanda ke riƙe da katin A na shebur ba ya wannan alkawari, domin ba katin da ke doke shi. Haka ma mai shebur huɗu ko fiye yana cikin haɗari, saboda na abokinsa kan ƙare kafin ya gama rufa masa asiri. Akwai kuma wanda ake yi ba tare da an duba kati ba, da ladan 200 ko tarar 200, wanda da yawa ba sa yarda da shi sai ga ɓangaren da aka bari a baya da maki 100 ko fiye.

Spades ya yaɗu ne baki da baki, daga bariki zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, shi ya sa dokokinsa suka bambanta. Wasu na ba da 50 kawai a kan alkawarin babu. Wasu ba sa cin tarar rara sam. Wasu na lissafa zagayen da mai babu ya ci cikin alkawarin abokinsa, wasu kuma a buhu suke zuba shi. Yawancin gardamar da ke tashi a teburi daga nan take, wanda ya koya a Amurka da wanda ya koya a waya kowa na ganin nasa ne daidai. Don haka kafin a raba kati a daidaita kan abu uku: nawa ne ladan babu, a buhu nawa ake cin tara, kuma ina ake kai zagayen mai babu idan ya faɗi.