Dirhami 39 na Al-Khawarizmi da amsar da ya bari a baya

Wajen shekarar 820 miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, wani malami a Bagadaza mai suna Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafin lissafi domin masu rabon gado, da 'yan kasuwa, da masu awon filaye. Babu alamar x ko ɗaya a cikinsa. Da kalmomi zalla ya yi bayani, yana kiran lambar da ake nema "saiwa", wadda aka ninka da kanta "dukiya", tsurar lamba kuma dirhami.

Matsalar da ta fi shahara a littafin ita ce wadda ɗaliban yau za su rubuta x² + 10x = 39. Hanyarsa ita ce a ɗauki rabin goma, wato 5, a ninka da kansa ya ba da 25, a haɗa da 39 ya zama 64. Lambar da ake ninkawa da kanta ta ba da 64 ita ce 8. A cire 5 ɗin nan, saura 3.

Abin da ya sa aikinsa ya yi fice shi ne bai tsaya ga umarni ba, sai da ya zana hujja. A ɗauka akwai fili murabba'i mai gefe x. A jingina masa filaye biyu a gefe biyu, kowanne tsawonsa x, faɗinsa 5. Jimillar girmansu 39 ke nan, amma an bar giɓi a kusurwa guda, biyar sau biyar. Da an cike giɓin da 25, sai babban murabba'i mai girman 64 ya fito, gefensa 8, wanda shi ne x + 5. Wannan ne cike murabba'i, dabarar da marubutan Babila suka yi amfani da irinta a allunan yumɓu fiye da shekara dubu biyu kafin shi. Gwajin amsar ba wuya: 3 sau 3 tara ne, a ƙara 30, an sami 39 cif.

Sai dai akwai amsa ta biyu da bai kawo ba. Idan aka ninka −8 da kanta, ita ma 64 take bayarwa, don haka x na iya zama −13. A mayar da ita a gani: 169 a cire 130, saura 39. Ba sakaci ba ne. Mai awon fili ba shi da abin yi da gefe mai ƙasa da sifili, ko da yake tun a 628 Brahmagupta na Indiya ya tsara dokokin irin waɗannan lambobi, yana ɗaukar su a matsayin bashi.

Ƙa'idar da ake haddacewa a sakandare, x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a, cike murabba'in nan ne aka yi sau ɗaya da haruffa. A nan a = 1, b = 10, c = −39. Ƙarƙashin alamar saiwa akwai 100 + 156, wato 256, saiwarsa 16, sai amsoshi su fito 3 da −13. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne su manta cewa 39 ta sauya alama da ta ƙetaro, su sami −56, su ce ba amsa.

A wata matsalar, x² + 21 = 10x, Al-Khawarizmi ya kawo amsa biyu, 3 da 7, tunda duk suna sama da sifili. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan rabin da aka ninka da kansa bai kai yawan dirhamin ba, matsalar ba ta warwaruwa. Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a 1145, daga nan ya shiga hannun malaman Turai.

Rarraba lissafin zuwa baka biyu ya zo ne daga baya, kuma akan danganta shi da Baturen Ingila Thomas Harriot. Idan aka kwashe komai zuwa gefe guda, aka sami (x − 3)(x − 7) = 0, dole ɗayan bakan ya zama sifili. A littafinsa da aka buga a 1631, shekara goma bayan mutuwarsa, alamomin < da > suka fara fitowa a ɗab'i. Da su ake tambayar inda x² − 10x + 21 < 0. Amsar tana tsakanin saiwoyin biyu, 3 < x < 7, domin a nan ne kaɗai baka ɗaya ke sama da sifili, ɗayan yana ƙasa. A gwada 5, za a sami −4. A gwada 8, sakamakon ya haura zuwa 5, haka 0 ma 21 take bayarwa, duka biyun a wajen iyaka.